Yadda Ɗanyen Hoto Ke Ɓacewa a Ɗakin Tace Fim

Tun da finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So suka karɓe kasuwa, aikin mai tace fim ya sauya kama. A da edita zai zauna a kan fim ɗaya na 'yan makonni, ya haɗa, ya miƙa, ya share kwamfutarsa ya kama wani. Yanzu aiki guda kan ɗauki watanni, ana haska kashi na huɗu ana tace na tara, ga darakta ya koma lokeshan ya sake ɗaukar wata fitowa da za a cusa a na bakwai. A irin wannan aiki, abin da ya fi jawo asara yawanci ba ƙarancin gwaninta ba ne. Wata safiya ce kawai edita zai buɗe aikinsa ya tarar allon ya yi ja jawur, an rubuta `Media Offline`, hoton da ya kwana yana yankawa babu shi.

Mai kallo daga waje zai ɗauka fim ɗin ya goge. Sau da yawa bai goge ba, yana nan a faifan ajiya lafiya ƙalau. Manhajar ce ta kasa gano inda yake, kuma duk wanda ya fahimci dalilin haka ya fahimci rabin wannan sana'a.

Fayil ɗin da edita ke ajiyewa idan ya gama aikin yini, wanda ake kira furojek, babu hoto ko ɗaya a cikinsa. A Premiere Pro, manhajar da editoci da yawa ke aiki da ita, sunansa yana ƙarewa da `.prproj`, kuma nauyinsa bai cika wuce 'yan megabait ba, alhali hotunan da yake sarrafawa sun kai dubban gigabait. Umarni ne kawai a cikinsa: je faifai kaza, shiga folda kaza, ɗauko fayil mai suna kaza, nuna shi daga daƙiƙa ta 12 zuwa ta 19. Kamar yaron aike yake da aka ba kwatance, aka ce ya je layi na uku bayan masallaci ya kira Musa. Idan Musa ya tashi daga gidan, yaro zai dawo hannu rabbana. Idan kuma wani Musan ne ya tare a gidan, yaro zai zo da shi yana murna ya cika aike. Na farkon shi ne jan allo, kuma da sauƙinsa, domin ana ganinsa. Na biyun shi ne mugun, domin manhajar ba za ta yi ƙorafi ba ko kaɗan.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce zango ne mai kashi 13, kyamara biyu, ɗauka ta kwana 30, kowace kyamara tana naɗar kimanin awa biyu a yini. Kyamarar da ke ɗaukar hoto mai ingancin 4K a kan megabit 100 cikin daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa guda. Awa huɗu a yini gigabait 180 ke nan, a kwana 30 kuma gigabait 5,400, wato terabait 5.4, ban da sauti. Furodusan da ya sayo faifai ɗaya mai terabait huɗu yana ganin ya gama da zancen ajiya, to tun kafin kwana na 23 ya ƙare zai cika. Daga nan ake fara rabe-rabe: wasu hotuna a faifan mai ɗaukar hoto, wasu a kan kwamfutar edita, wasu a filashin wani yaro. Lissafin nan na minti biyar ne, kuma kafin a fita lokeshan ya kamata a yi shi.

Sai zancen suna. Kyamarorin Sony da ake yawan aiki da su suna raɗa wa hotunansu `C0001.MP4`, `C0002.MP4`, haka har ƙarshe. Idan an bar saitin `File Number` a kan `Reset`, da an sauya kati kyamara za ta koma ƙirga daga ɗaya. A misalinmu, kowace kyamara tana cin kusan kati ɗaya mai gigabait 128 a yini, kati 60 ke nan a zangon. Ma'ana a faifan edita za a iya samun fayil 60 masu suna `C0001.MP4`, kowanne da abin da ke cikinsa daban. Abin da ya bambanta su kawai shi ne foldar da kowanne yake zaune.

Saboda haka gyara yana farawa ne tun a kyamara. A mayar da saitin nan kan `Series` don lamba ta ci gaba da hawa, in kuma kyamarar tana ba da damar sa harafi a gaban suna, a ba ta farko A, ta biyu B. Wannan kaɗai yana rage rikici sosai. Amma ba a dogara da shi, domin kyamarar haya ce sau da yawa, yau tana hannun wannan gobe tana hannun wancan, kuma ba kowa ke tuna dubawa ba.

Folda kafin furojek

Kafin a buɗe manhajar tacewa ma, a gina gidan da komai zai zauna. Folda uwa guda ɗaya, duk abin da ya shafi zangon yana cikinta, babu abin da ke waje. Ga yadda za ta iya kasancewa:

```
ZANGO1
  01_HOTO
    2024-03-05_A_K01
    2024-03-05_B_K01
  02_SAUTI
  03_WAKA
  04_ZANE
  05_FUROJEK
  06_FITARWA
```

Lambobin da ke gaba suna sa foldodin su jeru yadda ake so. Kwanan wata kuwa ana fara shi da shekara, sai wata, sai rana, domin kwamfuta tana jera sunaye ne harafi bayan harafi. In aka rubuta rana a farko, 1 ga Afrilu za ta hau saman 5 ga Maris, jerin ya hargitse. Harafin da ke biye shi ne kyamara, `K01` kuma kati na farko a wannan yinin. A sunayen folda gara a bar haruffan nan namu masu lanƙwasa, a rubuta `WAKA` kawai, domin wasu tsofaffin manhajoji da na'urori suna tuntuɓe da su idan aiki ya ƙaura daga wata kwamfuta zuwa wata.

Mutane da yawa kan so su jera ɗanyen hoto bisa labari, su buɗe foldar gidan Alhaji, foldar kasuwa, foldar asibiti. Tunanin yana da kyau, wurin yin sa ne ba nan ba. A faifai, hoto yana zama ne bisa ranar da aka ɗauke shi da katin da ya zo a ciki, domin wannan ba ya taɓa sauyawa. Labari kuwa yana sauyawa, fitowar da aka rubuta wa kashi na uku sai ka ga ta koma na shida. Jeri bisa labari a cikin manhaja ake yin sa, a aljihunan da Premiere ke kira `Bin`. A can edita zai iya ja da kilif daga wannan aljihu zuwa wancan sau ɗari, ya sauya masa laƙabi, fayil na ainihi bai motsa daga inda yake ba.

Wajen juye kati, a kwafe shi dungurungum, da ƙananan foldodinsa da 'yan fayilolin da ba a san amfaninsu ba. A katin Sony hotunan suna can ƙasa a `PRIVATE/M4ROOT/CLIP`, kuma kowa hannunsa na ƙaiƙayin ya tsinci bidiyon kawai ya bar sauran. Sauran nan su ke ɗauke da bayanan ɗauka, a wasu kyamarorin ma su ke nuna wa manhaja cewa doguwar ɗauka da aka gutsuttsura gida uku abu ɗaya ce. Kuma kwafi da ja da linzami kawai ba ya tabbatar da cewa abin da ya isa daidai yake da abin da ya taso. Kebul mai sakwarkwacewa ko na'urar karanta kati mai arha na iya lalata fayil ɗaya a cikin ɗari, ba a sani ba sai bayan wata biyu da aka zo buɗe shi, lokacin an goge katin an sake cika shi sau ashirin. Akwai manhajoji da ke kwafa sannan su auna kwafin da na asali, irin su TeraCopy, da `Clone Tool` da ke cikin DaVinci Resolve. Aunawar tana ƙara lokaci, shi ya sa masu gaggawa ke tsallake ta. Ni dai a ganina ba a goge kati sai abin da ke cikinsa ya zauna a faifai biyu, an auna, wani kuma ya buɗe kilif biyu ko uku ya kalla da idonsa.

Da zarar hoto ya shiga furojek, sunansa da na foldarsa sun daskare. Babu gyara rubutu, babu “bari in ɗan kintsa wurin nan”. Mataimakin edita mai son tsafta wanda ya sauya sunan folda ɗaya da yamma yana iya tsayar da aikin washegari gaba ɗaya.

Akwai kuma 'yan ƙananan abubuwa da suka fi kowa ɓata, kuma ba daga kyamara suke zuwa ba. Mawaƙi ya turo waƙar taken fim ta WhatsApp, mai talla ya turo tambarinsa, an sake naɗar muryar jaruma a situdiyo an kawo a filashi. Edita yana sauri, sai ya jawo su kai tsaye daga `Downloads` ko daga filashin zuwa cikin aiki. Komai zai tafi daidai har ranar da aka zare filashin, ko aka kai faifan wata kwamfuta. Ƙa'idar a nan gajeriya ce: duk abin da zai shiga furojek sai ya fara kwana a cikin folda uwa, daga can za a ɗauko shi.

Ranar da allo ya yi ja

Mu koma kan zangonmu. An kai kashi na tara, kwamfutar edita ta samu matsala, aka ɗauki faifan aka jona a wata. Aka buɗe furojek, sai akwatin `Link Media` ya bayyana da jerin ɗaruruwan fayilolin da ba a gani ba. Dalilin yana da sauƙi. Windows tana ba kowane faifai harafi, a tsohuwar kwamfuta faifan `E:` ne, a sabuwar kuma ya zama `F:` saboda akwai wani abu a jone kafin shi. Kwatancen da ke cikin furojek duk da `E:` ya fara. Wani lokaci manhajar kan gano da kanta, wani lokaci ba ta ganowa.

Hanya mafi tsafta ita ce a rufe furojek ba tare da an ajiye ba, a shiga `Disk Management`, a zaɓi `Change Drive Letter and Paths`, a mayar wa faifan harafinsa na da. Sai a sake buɗewa, komai ya dawo. Gogaggun editoci tun ranar farko suke ba faifan aiki harafi daga can ƙarshen jeri, kamar `X:`, a kowace kwamfutar da za a jona shi, domin babu filashin da zai zo ya ƙwace wannan harafin.

Amma a ce editan namu ya firgita, ya danna `Locate`, ya nemi `C0007.MP4`, ya zaɓi na farkon da ya gani. Manhajar ta karɓa, ta haɗa sauran bisa wannan zaɓi. Jan allo ya tafi, hankali ya kwanta, ya ajiye aiki. Sai da aka zo kallo aka ga a tsakiyar rigimar miji da mata a falo, hoto ya tsallaka kasuwa, ga kuma muryar matar tana ta faɗa daga sautin da aka naɗa daban. `C0007.MP4` na ranar 5 ga Maris ake nema, na ranar 19 aka samu. Alamar da ke fallasa wannan tun kafin a kalla ita ce wasu kilif a kan layin aiki za su fito da zane-zanen jirge a ƙarshensu, domin fayil ɗin da aka haɗa bai kai tsawon na asali ba, manhajar na neman daƙiƙoƙin da babu su. Idan kuwa baƙon fayil ɗin ya fi na asali tsawo, babu alamar komai, sai dai ido.

A nan ne wahalar sanya wa folda suna ke biyan kuɗinta. Akwatin `Link Media` yana da layin `File Path`, inda yake nuna adireshin ƙarshe da ya san kowane fayil da shi. Idan adireshin ya ce `E:\ZANGO1\01_HOTO\2024-03-05_A_K01`, babu shakka game da wane `C0007.MP4` ake nufi, a je foldar a nuna shi, sauran 'yan katin su biyo baya. Idan kuwa abin da aka gani shi ne `New folder (3)`, to sai an zauna an buɗe masu wannan suna ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa da ƙwaƙwalwar darakta.

Kuskure mafi tsada a labarin nan shi ne ajiyewar da ya yi a kan furojek ɗinsa tilo, domin yanzu kwatancen ƙarya ya maye gurbin na gaskiya. Zai ce ai akwai `Auto Save`. Akwai, kuma yana ceto idan an ɗauke wuta ko manhaja ta sandare. Sai dai yana da iyaka: idan an saita shi ya ajiye duk bayan minti biyar, ya riƙe kwafi 20, to abin da yake tunawa bai wuce aikin awa ɗaya da minti 40 ba, sabon kwafi yana ture mafi tsufa. Ɓarnar da aka gano bayan kwana uku ta riga ta shiga duka kwafi 20 ɗin.

Maganin shi ne kowace safiya, kafin a taɓa komai, a yi `Save As` da sabon suna: `K09_2024-05-02_v14`, gobe `v15`. Fayil ne mara nauyi, ko ɗari aka tara ba su kai kilif ɗaya ba. Sunaye irin su `final`, `final2`, `final_gaske` ba sa gaya wa kowa komai bayan mako biyu, har shi wanda ya rubuta su. Haka kuma duk lokacin da darakta ya zo da manyan gyare-gyare, a kwafi jerin yankan kafin a taɓa shi, domin daraktoci sun iya cewa “mayar mini da yadda yake ranar Talata”. Sannan kowane kashi ya samu furojek nasa. Wanda ya cusa kashi 13 a fayil ɗaya zai sha jira wajen buɗewa, kuma ranar da fayil ɗin ya lalace zangon ne gaba ɗaya ya tsaya.

Masu aiki da DaVinci Resolve su lura da wani bambanci. Ita ba ta ajiye furojek a matsayin fayil a foldar da ka zaɓa, tana zuba shi ne a wani rumbu nata, wanda yawanci yana kan kwamfutar. Mutum zai iya kwafe faifan aikinsa kaf ya tafi, ya bar yankan watanni a baya bai sani ba. Sai an yi `Export Project` an samu fayil mai `.drp` an sa shi a foldar furojek.

Kwafi nawa, kuma a ina

Masu ɗaukar hoto suna da wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1, wadda Ba'amurken mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A misalinmu wannan na nufin faifai uku da kowanne zai iya ɗaukar terabait shida ko fiye, kuma na san furodusa zai yi tsaki in ya ji kuɗin. Ya dai gwada shi da kuɗin sake tara jarumai na kwana 30. In uku sun gagara, biyu ba sa gagara, amma na biyun kada ya kwana a ɗaki ɗaya da na farko, a jone da soket ɗaya. Wutar da ta dawo da ƙarfi, ko ɓarawon da ya ɓalle shago, ba sa ɗaukar ɗaya su bar ɗaya. Furojek kuwa, tunda ba shi da nauyi, ana iya tura shi ta imel ko a ɗora a yanar gizo kowace yamma da datar da ba ta taka kara ta karya ba.

Ba komai ne ya cancanci kwafi ba. Ƙananan kwafin hoto da ake yi don kwamfuta mai rauni ta iya jan 4K, da tarkacen da manhaja ke tarawa a `Media Cache`, duk ana iya sake haifar su daga ɗanyen hoto. Abin da ba ya dawowa shi ne hoton kyamara, da sautin lokeshan, da furojek.

Wajen sabunta faifai na biyu akwai tarko. Manhajoji irin su FreeFileSync suna da zaɓin `Mirror`, wanda ke mayar da faifai na biyu tamkar na farko. In an goge folda bisa kuskure a na farko da rana, da daddare za a goge ta a na biyu. Ga ɗanyen hoto, `Update` ya fi aminci, domin yana ƙara sabo ne ba ya share tsoho.

Kuma kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, zato ne. A 1998, ana tsakiyar aikin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani umarnin gogewa ya share mafi yawan fayilolin fim ɗin. Da aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar ya jima ba ya aiki daidai. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Gwajin da ɗakin tacewa zai yi ba shi da wuya: sau ɗaya a wata a ɗauki faifai na biyu shi kaɗai, a jona shi a wata kwamfuta, a buɗe kashin da ake kai, a ga ko zai tashi ba ja. Duk abin da ya yi ja, yana zaune ne a wajen folda uwa, a nemo shi a shigar da shi tun editan yana tuna inda ya samo shi.

Idan zango ya kammala, ana so a rufe shi yadda wani editan zai iya buɗewa bayan shekara biyu, lokacin da labari ya buƙaci a tuno da abin da ya faru a baya, ko wata tasha ta nemi fim ɗin ba tare da tambarin masu talla ba. `Project Manager` na Premiere yana iya tattara duk abin da furojek ke amfani da shi zuwa wuri ɗaya, amma a lura da zaɓin `Exclude Unused Clips`, domin in an bar shi a kunne, duk ɗaukar da ba ta shiga fim ba ba za ta biyo ba. A fitar da kowane kashi iri biyu, ɗaya yadda aka haska shi, ɗaya ba rubutu ba tambari, sannan magana da kiɗa a fayiloli daban-daban. A sa nau'in haruffan da aka yi rubutun allo da su a foldar `04_ZANE`, domin suna zaune ne a kwamfuta, ba sa bin furojek. A ƙarshe a bar ɗan rubutu a bakin folda uwa mai faɗin manhajar da aka yi aiki da ita da lambar fitowarta, da harafin da aka ba faifan, da wane furojek ne na ƙarshe a kowane kashi. Lambar fitowar tana da muhimmanci saboda furojek ɗin da aka ajiye da sabuwar Premiere ba ya buɗuwa a tsohuwa, kuma a situdiyo guda ma ba lallai ne kwamfutoci biyu su kasance a kan fitowa ɗaya ba.